Saƙo na huɗu ga shagon da ya yi gum

Mace ta tura naira 45,000 na keken ɗinki, an ce mata kwana biyar zai iso, ga shi an ci sati uku, ta aika saƙo uku ta WhatsApp ba amsa. Masu saye da sayarwa da suka tattauna batun sun haɗu a kan cewa saƙo na huɗu a rubuce ake yin sa, domin saƙon murya ba ya ɗaukuwa a hoto idan an zo neman hujja.

Ga yadda suka tsara shi: «Salamu alaikum. Ran 3 ga wata na biya naira 45,000 na keken ɗinki, ga rasit. Na yi magana ran 10, da 14, da 18, ban ji komai ba. Ina so a kawo keken ko a mayar mini da kuɗina kafin ƙarfe 4 na yammacin Juma'a. In lokacin ya wuce, zan kai maganar ga shugaban kasuwa.»

A bar sallamar, amma kada a sa «don Allah a taimaka». Kuɗinki ne, roƙo kuwa yana nuna wa mai shago za ki ƙara jira. Zagi ya fi wannan ɓarna: da kin ce masa ɓarawo, ya samu abin kamawa, sai a bar zancen keke a koma rikicin mutunci.

An ɗan yi saɓani kan wa'adi. Wasu sun ce kwana biyu ya isa, masu shaguna suka ce uku, tunda lambar wayar kan kasance a hannun yaron shago, maigidan bai ma gani ba. Kuma kada ki ambaci matakin da ba za ki ɗauka ba, don in Juma'a ta wuce shiru, saƙo na biyar ba shi da sauran nauyi.