Kuɗin hayaƙi: ciniki ne ko cuta?

Malam Lawal: Salamu alaikum 'yan Daurama. Na karanta wata maƙala da ta ce duk wannan cinikin kiredit ɗin kabon yaudara ce, ba ya rage hayaƙin komai. To ga shi an raba wa matan unguwarmu murhu mai tsimin itace a kan kuɗi kaɗan, aka sa suka dangwala yatsa a takarda. Cutarmu ake yi ko kuwa?

Sani Mai Keke: Cuta ce mana. Wani harajin ne za su ƙaƙaba wa mai, bayan wanda muka sha a 2023.

Injiniya Bishir: Sani, na 2023 cire tallafi ne, kuma batun murhu ba haraji ba ne. Harajin kabon gwamnati ce ke karɓa a kan kowane tan na hayaƙi, kamar yadda Suwidin take yi tun 1991. Na murhu kuwa, wani kamfanin jirgin sama ne ko na mai a ƙetare zai ci gaba da fitar da hayaƙinsa, ya biya kuɗi a rubuta masa cewa an rage tan ɗaya a Daura a madadinsa. Wannan shaidar ita ce kiredit ɗin kabon. Takardar da aka dangwala, Malam, galibi ita ce ta miƙa wa masu rabon haƙƙin sayar da wannan ragin. Shi ya sa murhun ya yi araha.

Hajiya Binta: To ni ina cikin waɗanda suka dangwala, kuma ban ga cutar ba. Itacen da nake gamawa a kwana uku yanzu yana kai ni biyar. Idona ya daina ruwa in ina miya.

Malam Lawal: Tuwo fa, Hajiya?

Hajiya Binta: Kai Malam, mutum goma sha huɗu nake ciyarwa. Tukunyar tuwona ba ta zama a kansa, in na sa muciya sai ya nemi kifewa. Tuwo da ruwan wanka a murhun duwatsu nake yi. Sabon na miya ne da shayi da ɗumame.

Injiniya Bishir: Hajiya ta faɗi rabin matsalar da bakinta. Bari in yi lissafin, adadin gidan misali ne na ɗauka. Tan ɗaya na busasshen itace in ya ƙone yana ba da hayaƙin kabon kamar tan 1.75. Mai aikin murhu zai rubuta cewa gida yana ƙona tan 3 a shekara, sabon murhu ya rage rabi, wato tan 1.5, hayaƙinsa kamar tan 2.6. Sai ya zo kan tambayar da kuɗin suke ciki: cikin itacen nan, nawa ne ba zai sake tsirowa ba? Don bishiyar da aka datse ta sake tofo, tana shanye hayaƙin da reshenta ya fitar, ba a lissafa ta. Ayyuka da yawa sun riƙa rubuta kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. In ya sa 90, ya samu kiredit kusan 2.4 a kan murhu ɗaya duk shekara.

Yanzu mu shiga gidan da sikeli. A ce tan 2 ake ƙonawa, ba 3 ba. Tunda tuwo yana kan duwatsu, ragin kashi 30 ne, tan 0.6, hayaƙinsa kamar tan ɗaya. In kuma kashi 30 ne kawai na itacen ba ya dawowa, kusan abin da wani bincike na 2015 ya samu a ƙasashe masu zafi a dunƙule, abin da ya saura 0.3 ne. An sayar da 2.4, an rage 0.3. Shi kuwa mai jirgi ya ƙona man 2.4 ɗin cif, da takardarsa a hannu.

Sani Mai Keke: Wannan ai tiya ce mai ƙaramin gindi.

Aisha Kofar Baru: Yaya Bishir, lambobin nan kai ka zaɓe su don su ba ka abin da kake so. Kashi 30 na duniya ne. Mu muna bakin hamada. Ka bi hanyar Kongolam ka nuna mini dajin da ke tofowa. Icen da kura ke shigowa da shi kasuwa daga nesa yake, kuma har saiwa ake tonowa. A nan 90 ɗin ba ƙarya ba ce.

Injiniya Bishir: Na yarda na Daura zai iya wuce 30, ƙanwata, kuma ban auna ba. Amma ki leƙa madafin ƙauye bayan kaka. Karan gero da na dawa ne, da kashin shanu, da reshen bedi da ake sassarewa duk shekara yana dawowa. Duk wannan ba ya cikin abin da za a sayar. Kuma ba ni kaɗai na ga giɓin ba. A Janairun 2024 masu bincike daga jami'ar Kalifoniya a Bakli sun fitar da nazari a kan ayyukan murhu, suka ce kiredit ɗin da aka bayar ya ninka ainihin ragin kusan sau tara.

Aisha Kofar Baru: Kuma masu ayyukan sun musanta. In aka bi ta taku kuɗin ya tsaya, wa zai ba Hajiya murhu? Gwamnati? Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a 2021, ɗan garin nan ne, murhu nawa dokar ta kawo gidanku?

Malam Lawal: Nan kam ta kama ka, Injiniya.

Injiniya Bishir: Ban ce a daina raba murhu ba. Amfaninsa ga idon Hajiya da aljihunta gaskiya ne. A kira shi taimako, a biya shi da sunan taimako. Abin da na ƙi shi ne a mai da shi lasisin ƙona mai a wani wuri. Kuma ana iya gane aikin kirki. Na kirki yana zuwa da sikeli ya auna itacen gida kwana uku a jere, kafin rabo da bayansa, ko ya maƙala wa murhun 'yar na'urar da ke rubuta zafi, ta nuna ranar da aka hura da ranar da ba a hura ba. Na bogi tambaya kawai yake yi.

Hajiya Binta: Mu tambaya aka yi. Wasu samari biyu suka zo da waya, suka ce kullum kike amfani da shi? Na ce kullum. Ai ba ka cewa wanda ya yi maka kyauta kayansa na bayan ɗaki. Maƙwabciyata ma kullum ta ce, alhali kazarta ce ke kwanci a cikin nata.

Sani Mai Keke: To kazar ma a ba ta kasonta.

Malam Lawal: Ni abin da ya tsaya mini, nawa ake sayar da tan ɗin, kuma nawa ne na mai girkin?

Injiniya Bishir: Farashin ba shi da tabbas. Kiredit ɗin tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na yarjejeniyar Kiyoto kan sauyin yanayi ya kai wajen yuro 20 a 2008, ya faɗo ƙasa da yuro ɗaya kafin 2013. Kason mai girki kuwa sai abin da takardar ta ce. Sau da yawa rangwamen murhun ne kaɗai, su kuma su yi shekaru suna sayarwa.

Aisha Kofar Baru: Ko hakan ne, ya fi babu. Su ma suna da kuɗin ƙera murhun da na masu yawo gida-gida.

Malam Lawal: Hajiya, an ba ki kwafin takardar?

Hajiya Binta: Ba a ba kowa ba. Da Turanci take, suka tafi da abarsu. Amma lambar murhun tana jikinsa, kuma sun ce za su dawo bayan sallah.

Injiniya Bishir: In sun dawo ki kira ni, Hajiya, ina son in ga shekara nawa aka rubuta a ciki.