Na sa hannu a takardar aiki, ga wasu kuma sun kira ni intabiyun ƙarshe, ya ake janyewa?

Ummu Haidar: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari. Wuri biyu na nemi aikin akanta, wani kamfanin shinkafa a nan Kano da wata ƙungiyar agaji a Maiduguri. Na Kano sun turo min takardar ɗauka ta imel na sa hannu na mayar, sai ga su na Maiduguri jiya sun ce in zo zagayen ƙarshe ranar Alhamis. Ni dai zuciyata na Kano saboda yara, amma tsohon ogana ne ya miƙa takarduna can, kunyarsa nake ji wallahi, kuma ba na so in ɓata wa mutane lokaci.

Ɗan Fagge: Hajiya ki yi shiru abinki kawai. Ni wurare nawa na je intabiyu aka ce za mu kira ka, har yau ko filashin ba su min ba. Da na samu aiki wasu suka yi ta kira ban ɗaga ba, kuma ba abin da ya faru. Ba kwantiragi tsakaninku, ba su da abin da za su miki.

Anti Bilki: Ɗan Fagge gaskiyarka a kan ba kwantiragi, ba wanda zai kai ta ƙara. Amma ni a ɓangaren ɗaukar ma'aikata nake, bari in faɗa maka abin da ke faruwa a wajenmu. Zagayen ƙarshe mutum uku ko huɗu ake warewa, a haɗa kwamiti, wani ya baro wurin aikinsa na wajen gari ya dawo musamman don ranar, wani ya ɗage mitin. Na taɓa zama da shugaban sashen kuɗi muna kallon agogo muna kiran lambar wani yaro tana ta ringin, ga ruwan roba an jera a tebur, ga takardar ba da maki da sunansa a sama. Abin da ya fi min ciwo akwai wata yarinya da ke bi masa a maki, da ya faɗa mana ko da kwana biyu ne kafin ranar da ita za mu kira. Kuma masu wannan aikin ba mu da yawa, yau ina nan gobe ina can, suna yana zama a kai.

Ummu Haidar kafin ki tura komai, koma ki sake karanta takardar Kano a tsanake. Akwai inda aka ce ɗaukar ta dogara da gwajin asibiti, ko garanto, ko sai sun ji daga wurin da kika bari? In akwai to aiki bai gama zama naki ba tukuna. Ki duba kuma an rubuta albashi da ranar farawa, sannan sun amsa miki cewa sun ga sa hannunki. Sai waɗannan sun cika ake janyewa.

Ummu Haidar: Anti akwai fa, garanto biyu da gwajin asibiti. Garanto na kai, asibitin ne sai Litinin, sakamako sun ce washegari.

Anti Bilki: To kin ga Talata za ki sani, intabiyu Alhamis. Ya matse amma zai yi. Kar ki ce musu komai yanzu, Talata da sakamako ya fito masu ɗaukar suka tabbatar miki a rubuce, a take ki kira wanda ya gayyace ki a waya tunda lokaci ya ƙure, sannan ki bi da imel a kan wannan saƙon gayyatar dai, kar ki buɗe sabo, don ya shiga fayil ɗinki. In sakamakon ya makara ki roƙe su su ɗaga miki zuwa wani satin, wannan ba laifi ba ne, ana yi.

Abin da za ki rubuta bai wuce layi huɗu ba, da turanci ko ma da me: kina godiya da gayyatar da lokacin da suka ba ki, kin karɓi aiki a wani wuri don haka kin janye daga neman muƙami kaza, ba za ki samu zuwa ranar Alhamis ba, kina fatan Allah ya haɗa ku da alheri gaba. Ki rubuta sunan muƙamin don suna ɗaukar gurbi da yawa lokaci guda. Ba dole ki faɗi inda kika tafi ba balle albashi, kuma kar ki ƙirƙiri rashin lafiya ko maigida ya hana, in kika ce haka za su ce to yaushe za ki samu dama, kin ga kin ɗaure kanki.

Baban Khalifa: Ni shaida ne a kan amfanin wannan saƙon. Ƙarshen 2024 na samu aiki da wata ƙungiya, na janye daga wani asibitin kuɗi da muka kai zagaye na biyu, na kira matar da ke kula da ɗaukar na yi mata bayani na tura imel. Ban daɗe da farawa ba a watan Janairun 2025 Amurka ta dakatar da kuɗin tallafin USAID, aikinmu ya tsaya cak aka sallame mu. Na koma wa matar nan da kunyata, ta ce gurbin an cike amma ta tuna ni, bayan wasu watanni ita ta kira ni da kanta da wani ya tafi. Nan nake har yanzu. Masu neman aikin ƙungiyoyi ku riƙa duba ko an rubuta sai in kuɗin mai tallafi ya iso, ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari.

Sani Mai Kwamfuta: ai dole ki ba su notis na wata ɗaya ko ki biya albashin wata, haka aka min da zan bar wajen aikina

Anti Bilki: Malam Sani ba aiki take bari ba, ba su ma ɗauke ta ba, notis na ma'aikaci ne.

Maman Ilham: Ni fa ra'ayina daban, ki je intabiyun. Ƙungiyoyi sun fi biya, in suka ba ki abin da ya ninka sai ki san abin yi, ni haka na yi na koma wa na farkon da takardar suka ƙara min.

Anti Bilki: Kafin ki sa hannu kika yi ko bayan?

Maman Ilham: Kafin, gaskiya. Amma ko bayan ne ai lokacin gwaji za ta shiga, su ma suna iya sallamarta ba dogon bayani, don me ita za ta rufe ƙofa da wuri.

Baban Khalifa: Maganarki da ƙamshin gaskiya, sai dai ita ta ce ba za ta Maiduguri ba saboda yara. Wanda ya san ba zai karɓa ba ya je ya zauna, gurbin wani ya tare.

Ummu Haidar: Na gode ƙwarai Allah ya saka. Saura ogan nawa, shi zan fara faɗa wa ko su?

Anti Bilki: Shi, kuma a waya ko ki taka ki je, ba saƙon WhatsApp ba. Kar ya ji a bakinsu, sunansa ya sa a kanki. Ni da ni ce yau ma zan kira shi in ce ranka ya daɗe ga halin da ake ciki, ina jiran sakamakon asibiti Talata.

Ɗan Fagge: Anti in ta faɗa masa yau ya ɗaga waya ya gaya musu fa, kuma asibitin ya zo da matsala? Ta tashi a tutar babu kenan.

Ummu Haidar: Nima abin da nake tsoro kenan, mutumin kirki ne amma magana ba ta kwana a cikinsa. Ina ga sai Talatar da safe zan je gidansa, daga ƙofar gidan in kira su.