Sun ce sai ƙanena ya sa hannu a takardar ajiye aiki kafin ya fara aiki

Assalamu alaikum. Masana doka, a taimaka mini.

Ƙanena ya samu aikin ajiyar kaya a wani kamfanin casar shinkafa a wajajen Kura. Ranar Litinin manaja ya ajiye masa takardu biyu. Ɗaya an buga cewa ya ajiye aiki don raɗin kansa, an bar gurbin kwanan wata ba komai. Ɗayar fara ce fat, sai ɗan layi a ƙasa da aka ja da biro.

Ya nemi kwafi, an hana shi. Ni da kaina na je na roƙa a bar shi ya rubuta kwanan wata kusa da sa hannunsa, manajan ya ce kowa haka ya yi, in ba ya so ga masu jira a bakin ƙofa. Farar ce ta fi tayar mini da hankali, don gobe ana iya rubuta cewa buhu hamsin sun ɓata a hannunsa.

Na san dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke sauraron ƙarar kora. Wa'adinsa Juma'a, bai sa hannu ba tukuna.

Idan ya sa, daga baya suka cike kwanan watan suka sallame shi, kotu za ta ɗauka shi ya ajiye aiki ko korarsa aka yi?