Dedwet na cewa 100, dijital na cewa 99.8: wa za a yarda da shi?

Ɗan Gwarzo (Jubail): Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da aiki. Ina neman shawara. An kawo mana gejin gwaji na auna matsi warsha, mai allura da madubi, 0 zuwa 100 bar, aji 0.25, wato an yarda masa kuskuren kashi 0.25 cikin ɗari na ƙarshen zangonsa. Na ɗora shi a kan dedwet, na'urar da ake gwada geji da ita ta hanyar ɗora duwatsun awo a kan fistan, na loda duwatsun bar 100, fistan ya tashi yana juyawa lafiya lau, amma allura ta tsaya wajen 99.7. Kuskuren da aka yarda masa 0.25 ne, ga shi ya ba ni 0.3, kenan ya faɗi. Da na haɗa gejin dijital ɗinmu a wurin, shi kuma ya nuna 99.80. Mudir, shugabanmu a wurin aiki, ya ce in cire allura in gyara mata zama. Kafin in taɓa, wanne zan bi, dedwet ko dijital?

Baban Walid (Yanbu): Wa alaikumus salam. Wannan ai ba abin tambaya ba ne ƙanena. Dedwet shi ne uba a harkar matsi. Nauyi ne a kan fistan, ba batir, ba sansa, ba abin da zai zame. In suka saɓa da dijital, dijital ake kai wa gyara. Bi maganar mudir.

Injiniya Mai Awo (Dammam): Ɗan Gwarzo, kada ka taɓa allurar nan tukuna. Baban Walid, gaskiyarka ce duwatsu ba sa zamewa, amma lambar da aka buga a jikin dutse ba ita ce matsin da yake bayarwa a Jubail ba. Ɗauko satifiket ɗin dedwet ɗin ka duba mana abu uku: a kan wane jan ƙasa aka yanka duwatsun, a wane zafi aka auna faɗin fistan, kuma da wane ƙarfe aka yi fistan da silinda. Sannan ka sa ruler ka auna tsayin da ke tsakanin layin da aka yi wa alama a jikin na'urar da bakin gejin.

Ɗan Gwarzo: Ranka ya daɗe, na duba. An rubuta 9.80665, zafi digiri 20, fistan da silinda na ƙarfe ne, an sa 23 cikin miliyan a kowane digiri. Mukayyif ɗin da ke sanyaya warsha ya kwana biyu yana wasa, ma'aunin da ke jikin na'urar na nuna 32. Gejin kuma yana sama da layin da kamar santimita 15, saboda adaftar da na ƙara.

Injiniya Mai Awo: To, zauna mu yi lissafi. Wannan 9.80665 jan ƙasa ne na yarjejeniya, kusan abin da ake samu a ƙasashen da ke wajen digiri 45 daga tsakiyar duniya. Jubail tana wajen digiri 27, a bakin teku, jan ƙasarta kusan 9.7910 ne. Dutse ɗaya ne, amma a nan bai danna fistan kamar yadda zai danna shi a can. Raba 9.7910 da 9.80665, za ka samu 0.9984. Kenan duwatsun da aka rubuta wa bar 100 suna ba ka 99.84 ne kawai, tun ba a zo maganar zafi ba.

Zafi kuma yana buɗa fistan da silinda. Faɗi ya ƙaru, nauyi bai ƙaru ba, sai matsi ya ragu. Ka haura 20 da digiri 12, ka ninka da 23 cikin miliyan, ya ba ka ragin kusan 0.028 a bar 100. Mun sauko 99.81.

Saura tsayin mai. Gejinka yana sama, don haka man da ke cikin bututun, daga layi zuwa bakin geji, ya cinye wani abu daga matsin. In man yana da nauyin kilo 870 a kowace mita kubik, santimita 15 za ta ci kusan 0.013. Ga yadda na jera shi:

```
P = P_nom × (g / 9.80665) / (1 + α(t − 20)) − ρ·g·h
P = 100 × 0.9984 / 1.000276 − 0.013 ≈ 99.80
```

Matsin da ya isa gejinka 99.80 ne. Dijital bai yi ƙarya ba. Gejin allura da ya nuna 99.7 kuskurensa 0.1 ne, yana cikin 0.25 ɗinsa da sarari. Da ka tura allurar ta zauna a 100 daidai, da ka mayar da geji mai lafiya ya riƙa ƙara 0.2 a sama, kuma da shi za a je a auna wasu gejin a cikin masana'anta.

Ɗan Gwarzo: Ikon Allah. Duka ukun gefe ɗaya suka ja kenan.

Injiniya Mai Awo: A ƙasar nan ta Saudiyya kusan kullum haka ne, domin jan ƙasarmu ƙasa yake da na yarjejeniya, ɗakunanmu kuma sun fi 20 zafi. Na Jidda ma nasu ya fi naka, wajen kashi 0.2 cikin ɗari suke rasawa a jan ƙasa kaɗai. Tsayin mai ne kawai ke iya juyawa, in geji ya koma ƙasa da layi sai a ƙara maimakon a rage.

Baban Walid: Injiniya, na ji lissafi, amma namu na Yanbu ba ma yi masa wannan, kuma yana dacewa da dijital tsaf. Sannan ka manta da iska. An koya mana iska na ɗaga duwatsu, a cire kashi 0.015 cikin ɗari.

Injiniya Mai Awo: Mai yiwuwa naku an yi odarsa ne da jan ƙasar wurinku. Masu ƙerawa suna yin haka in an nema, sai su yanka duwatsun daidai da garin. Duba satifiket, in ka ga lamba wajen 9.789 to shi ne. Amma ka sani ranar da aka ɗauke shi zuwa wani gari mai nisa, lissafi ya dawo. Maganar iska gaskiya ce, kilo 1.2 na iska a kan kusan 8000 na ƙarfe, shi ne 0.015 ɗin. Sai dai duwatsun da aka buga wa bar a jiki yawanci an riga an sa wannan a ciki. In ka sake cirewa ka cire sau biyu. Waɗanda aka ba ka nauyinsu na ainihi da kilogiram, su ne za ka yi wa da kanka.

Bala Direba (Jidda): Salam. Tunda ana maganar geji, wanda nake auna tayar tirela da shi yana bambanta da na gidan mai da kusan fam biyar. Wannan jan ƙasar ne shi ma?

Baban Walid: A'a Malam Bala, naka sifirin na ƙarfe ne a ciki, jan ƙasa bai dame shi ba. Faɗuwa ƙasa ce ta dame shi. Sayi sabo.

Maman Hanan (Riyad): Ni a ɗakin gwaji nake, kuma zan ɗan saɓa wa masu yabon dedwet. Geji nawa ne a masana'anta masu aji 0.25? Yawancin abin da ake kawo mana aji 1 ne da 1.6. Gejin bar 100 mai aji 1.6 an yarda masa kuskuren 1.6. Wa zai tsaya loda duwatsu, yana daidaita kumfar lebur, yana jiran fistan ya lafa a kowane mataki, don abin da famfon hannu da dijital mai kyau za su gama kafin shayi ya huce? A hanyar kwatance matsi ɗaya ke zuwa wa geji biyun, ba ruwanka da jan ƙasa, ba ruwanka da faɗin fistan. Ka dai ajiye su a tsayi ɗaya in da mai ko ruwa kake aiki, ka fitar da iskar da ke cikin layi, kuma bayan ka matsa famfo ka ɗan jira, domin matsin yakan sauka kaɗan yayin da man ke hucewa. Sababbin yara suna ganin haka su ce yoyo ne su hau ɗaure nati. In saukar tana raguwa har ta tsaya, zafi ne. In ba ta tsayawa, to nemi yoyo.

Injiniya Mai Awo: Hajiya, ban musa ba ko kaɗan. Sharaɗin kawai shi ne na ƙa'idar gejin matsi ta Turai, EN 837-1, abin da kake aunawa da shi ya fi wanda ake aunawa kyau sau huɗu. Ɗan Gwarzo, dijital ɗinku nawa ne?

Ɗan Gwarzo: 0 zuwa 200 bar, an rubuta 0.05% FS.

Injiniya Mai Awo: FS na nufin bisa ƙarshen zangonsa, wato 200, ake lissafa kuskuren, kenan 0.1 bar a ko'ina cikin zangonsa. Kai kuma kana bukatar kashi ɗaya cikin huɗu na 0.25, wajen 0.06. Bai kai ba. Ya dace da lissafinmu yau, amma ba za ka sa hannu a takardar geji mai aji 0.25 da shi ba. Wannan aikin na dedwet ne, domin nasa kuskuren bisa abin da ka loda ake lissafa shi, yana raguwa in ka sauko ƙasa.

Maman Hanan: Wannan FS ɗin ya ci mutane da yawa. Na ga takardar wata sharika da suka auna gejin bar 10 mai aji 1.6 da dijital na bar 700. Sun ga 0.05 sun ɗauka sun gama. Kashi 0.05 na 700 ai 0.35 ne, gejin da suke aunawa kuma 0.16 aka yarda masa. Alƙalin ya fi wanda ake tuhuma laifi. A ƙananan matsi ma tsayin mai ba abin rainawa ba ne: santimita 15 ɗin Ɗan Gwarzo a bar 100 ba komai, amma a gejin bar 1 ta haura kashi 1 cikin ɗari. Shi ya sa can ƙasa muke amfani da iska ko naitirojin.

Wani abu kuma, tunda akwai 'yan asibiti a zauren nan: gejin oksijin kada ya kusanci dedwet mai mai, ko famfon da ya taɓa shan mai. Ɗigon mai a cikinsa ya haɗu da oksijin mai matsi gobara ce. Nasa layi daban, kayansa daban.

Ɗan Gwarzo: Na gode ƙwarai. Zan sake shi daga sifili zuwa sama da dawowa, da lissafin kowane mataki. Amma ina ƙwanƙwasa gilashin kafin in karanta ko bayan?

Baban Walid: Ƙwanƙwasa a hankali da yatsa, sannan ka karanta. Haka ake yi tun fil azal.

Maman Hanan: Mu muna rubuta duka biyun. In allura ta yi tsalle sosai bayan ƙwanƙwasa, haƙoran ciki sun fara ci, kuma a bakin aiki ba wanda ke tsayawa ƙwanƙwasa geji kafin ya karanta.

Baban Walid: Gejin gwaji ne fa Hajiya, mai riƙe da shi ya san ya ƙwanƙwasa. Lamba biyu a takarda rikita mai kaya kawai za su yi.

Injiniya Mai Awo: Wannan ku bi abin da tsarin aikin ɗakinku ya rubuta, ku kuma faɗa a takarda wanne kuka yi. Ɗan Gwarzo, kafin ka fara, matsa gejin zuwa ƙarshensa ka sake shi sau biyu ko uku ya miƙe jiki. Ka tabbata kumfar lebur na tsakiya, fistan na yawo a tsakiyar alamarsa yana juyawa da kansa. In juyin na mutuwa da wuri, ko fistan na nutsewa da sauri fiye da da, akwai datti ko yoyo, wanke shi kafin ka yarda da ko lamba ɗaya. Kuma turo min hoton shafin farko na satifiket ɗin, ina son ganin shekarar da aka auna duwatsun.

Ɗan Gwarzo: In sha Allah bayan la'asar. Saura yadda zan shawo kan mudir, shi lambar da ke jikin dutse kawai ya sani.