Yadda Za A Kasa Awa Ɗaya A Darasin Jera Matsalolin Ɗabi'a

Wasu malamai da suka tattauna kan darasin da ɗalibai ke jera labaran matsalolin ɗabi'a sun yarda cewa labari huɗu ya isa, shida kan cinye lokaci. Minti goma na karatu, goma kowa ya jera shi kaɗai a takarda daga mafi wuyar hukunci zuwa mafi sauƙi, kafin ya ji na wani. Wannan matakin suka fi nanatawa, don in an tsallake shi, aji kan bi bakin mai surutu. Sai minti ashirin a rukuni, ashirin na kare jeri.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ma'auni. Wata malama ta ce rabin ajinta sun ɗora labarin satar magani don ceton uwa a sama saboda girman laifin, sauran saboda wuyar zaɓin, aka yi ta musu a banza. A rubuta ma'aunin a allo tun farko.