Gudu nake yi duk sanda rabon bugu ya canza a takarda: ku ya kuka yi da wannan?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum. Ina koyon karanta takardar ganga mai 4/4, na sa metronom, na'urar da ke yin ƙas-ƙas don riƙe lokaci, a 60. Muddin bugu bibbiyu ne a kowane ƙas, lafiya lau nake tafiya. Amma da na iso gidan da aka rubuta hurhuɗu, sai in riga ƙas ɗin isa. Wanda aka ɗora wa lamba 3 a kai kuwa, ban ma san inda yake faɗawa ba. Waɗanda suka wuce nan, a taimaka.

Mai Hai-hat: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, 60 ta yi maka sanyi ne. Ni da na mai da tawa 100 sai matsalar ta ɓace, don ƙas ɗin suna kusa da juna, babu wurin ɓata.

Tsohon Makaɗi: Gaskiya ne 60 ta fi wuya, amma a 100 matsalar ɓuya take yi, ba ta tafi ba. A 60 tsakanin ƙas da ƙas daƙiƙa ɗaya ce cif, kai ne za ka raba ta da kanka, kuma abin da muke son ka koya ke nan.

Ga abin da nake sa ɗalibaina. Ajiye ƙafafu, ka tsaya a kan siniya kawai. Gida na farko bugu ɗaya a kowane ƙas, huɗu ke nan. Na biyu bibbiyu, takwas. Na uku uku-uku, 12. Na huɗu hurhuɗu, 16, sai ka koma farko ba tsayawa. Ka riƙa ƙirga da baki da ƙarfi. Kuma tun kana kan ƙas na huɗu na gidan da kake ciki, idonka ya riga ya tsallaka gida na gaba. Dubi layi mai kauri da ya haɗa sandunan alamomin: ɗaya na nufin rabon biyu, biyu na nufin rabon huɗu, ɗaya da lamba 3 rabon uku. Yawancin gudun da ake yi daga firgita yake zuwa, mutum ya ga takarda ta yi baƙi ƙirin ba shiri, sai ya ɗauka sauri aka ce ya yi, alhali ƙas bai motsa ba.

Rabon uku yana da alama mai kyau. In kana musayar hannu, ƙas na farko dama ce ke sauka, na biyu hagu, na uku dama. In ka ga dama ce kullum take haɗuwa da ƙas, to ka ci bugu ɗaya ko ka ƙara. Ka kuma saurara ko kana yin ukun da sauri sannan ka jira, kamar sukuwar doki. Wannan ba uku ba ne, hurhuɗu ne da aka cire na ƙarshe.

Ɗan Bandiri: Ni dai abin da ya dame ni, a takarda ɗaya kik yana can ƙasa, siniya a fili na uku, hai-hat alamar x a sama, amma tom-tom kowace takarda da inda take ajiye su.

Tsohon Makaɗi: Wannan wata magana ce daban. Duba jadawalin alamomi da ke farkon takardar, marubuta ba su haɗu a kan tom ba.

Yar Sanda Biyu: Abin da ya buɗe min kunne shi ne ɗaukar kaina a waya. Ina bugawa ina jin daidai nake, da na saurara sai na ji sandata tana shiga gaban ƙas a bugu na uku da na huɗu. In ka sauka daidai, ƙas ɗin yakan nutse cikin ƙarar siniya har ka zaci metronom ta mutu. In ka ji "ta-ƙas" ka yi gaba, in "ƙas-ta" ka makara. Da farko na sa manhajar metronom tana buga dukkan rabon huɗun, ya taimake ni ƙwarai.

Tsohon Makaɗi: Malama, nan ne ban bi ki ba. In na'ura ce ke raba masa, yaushe zai raba da kansa? Na fi son akasin haka: gida biyu da sauti, gida biyu shiru, a ga ko zai dawo kan ɗaya daidai.

Yar Sanda Biyu: Baba, wanda bai taɓa jin yadda uku daidai take ba, me zai riƙe a cikin shirun? Ya fara ji tukuna, daga baya ya kashe.

Sabon Hannu: Na gode muku. Na gwada na gida huɗun yanzu. Biyu zuwa uku ya fara zama, amma daga uku zuwa huɗu hannun hagu na tsallake. In rage zuwa 50 ne, ko in tsaya a 60 in maimaita gidajen nan biyu kawai?