Na yi shekara 14 na tsoffin tambayoyin Kemistiri, maki ya ƙi motsi: in ci gaba ko in koma kan not?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Saura sati shida in zauna JAMB, Famasi nake nema a BUK. Na bi tsoffin tambayoyin Kemistiri na shekara 14, amma takardu huɗun ƙarshe 25, 24, 26, 25 na ci cikin 40. Saura shekara shida a littafin. In ƙarasa su ne, ko in ajiye in koma in tattara not ɗina? Shekara nawa ne ma ke isar mutum?

Ɗan aji ɗaya a jami'a: Wa alaikumus salam. Ƙarasa su kawai ƙanwata. JAMB maimaita tambaya suke yi, ni shekara 20 na haddace a kowane darasi, kuma a zaurena na ga tambayoyin da na sani har da zaɓinsu. Not ai na masu WAEC ne.

Wata 'yar uwa: In littafin ne matsalar ki sauya, akwai na waya da ke ba ka tambayoyi yana ƙirga lokaci. Ni shi nake amfani da shi.

Mai tambaya: Na gode Anti, ina da shi. Ba kayan aikin ne suka yi mini ƙaranci ba, makin ne ya tsaya cak.

Malamin Kemistiri: Ɗiyata, lambobin nan huɗu da kika kawo sun riga sun ba ki amsa. Takardar tsoffin tambayoyi ma'auni ce. Wanda ya hau sikeli sau huɗu yana ganin nauyi ɗaya, hawa na biyar ba zai ƙara masa ƙiba ba. A shekarun farko na tabbata makinki ya riƙa hawa, don kina koyon salon tambayar da yadda ake ɓoye tarko a cikin zaɓi. Wannan ribar kan ƙare da wuri. A abin da na gani wajen ɗalibaina, daga takarda ta takwas zuwa ta goma an kwashe ta. Abin da ya rage bayan nan shi ne darussan da ba ki fahimta ba, kuma takarda ba ta koyar da su, nuna miki su kawai take yi.

Don haka ba ni da wata lamba da zan ce ita ce ta isa. Alamar da nake dubawa ita ce: in kin yi takarda uku a jere, da agogo, ba leƙen amsa, makin bai wuce tazarar biyu ko uku ba, kuma kurakuran daga wurare iri ɗaya suke fitowa, to a dakata. Shekara shidan da suka rage kada ki taɓa su yanzu. Su ne dukiyarki, don takardar da kika taɓa gani ba ta ƙara faɗa miki gaskiya, idonki zai tuna cewa C ce amsar tun kafin ƙwaƙwalwa ta yi aiki.

Ga aikin yau da gobe. Ɗauko takardun nan huɗu. Kin faɗi 15, 16, 14 da 15, tambaya 60 ke nan. Ki raba su gida uku: wadda ba ki san darasin ba sam, wadda kin sani amma kika zame, da wadda lokaci ya kure kika yi canke. Kusa da kowace ki rubuta sunan darasin kamar yadda yake a manhajar JAMB. Ki dawo mana da lissafin.

Ɗan aji ɗaya a jami'a: Malam da girmanka, amma ai maimaicin gaskiya ne, ni ganau ne.

Malamin Kemistiri: Ban musa ba. Sai dai abin da aka fi maimaitawa shi ne darasin da fasalin tambayar, lambobin kuwa a sauya su. Kuma tun da jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ana yin ta kwanaki da yawa, rukuni-rukuni, tambayoyinka ba lallai su zama na wanda ya shiga bayanka ba. Kai ka dace. Ba zan ɗora sati shidan yarinya a kan dace ba.

Wadda ta zauna sau biyu: Ni dai gargaɗi zan yi a kan kalmar nan “tattara not”, don ita ta kayar da ni a zaman farko. Na sayi sabon littafi mai kauri da biro kala uku, na zauna ina kwafe not ɗin Bayoloji tun daga aji huɗu, da jan layi da zane mai kyau. Sati uku na yi. Littafin ya yi kyau har ƙawayena suna ara, ni kuwa ranar jarrabawa na tarar hannuna ne ya yi karatun, kaina bai yi ba. A zama na biyu shafi tara kacal na rubuta, kuma ba abin da ya shiga sai abin da na taɓa faɗi a takarda. Ki yi hattara, kwafe not yana da daɗi saboda ba ya ce miki kin faɗi.

Mai tambaya: Malam na yi. Cikin 60 ɗin, 31 ban gane darasin ba, 17 na sani na zame, 12 canke ne. Abin da ya ba ni mamaki, cikin 31 ɗin, 13 lissafin mol ne da na elektirolisis, 12 kuma oganik. Shida ne kawai suka warwatsu. Ga ɗaya da na faɗi iri-irinta sau uku: an wuce da lantarki amfiya 2 na daƙiƙa 965 ta cikin ruwan CuSO₄, nawa ne nauyin jan ƙarfen da zai taru, Cu = 64, F = 96500. Ni 1.28 g nake samu, kuma yana cikin zaɓin, amma wai 0.64 g ne.

Malamin Kemistiri: Madalla. Kin ga ashe ba Kemistiri ne ya gagare ki ba, babi biyu ne suka riƙe 25 cikin 60. Da kin ƙarasa shekara shidan nan, da waɗannan babi biyun za su sake cin ki sau shida.

Mu duba tambayarki. Cajin da ya wuce shi ne 2 sau 965, wato 1930. Kin raba da 96500 kin samu 0.02, daidai ne, amma wannan mol ɗin elektiron ne, ba na jan ƙarfe ba. Ke sai kika ninka da 64 kai-tsaye, 1.28 ya fito. Jan ƙarfe a nan Cu²⁺ ne, kowane ɗaya sai ya karɓi elektiron biyu kafin ya zauna a jikin katod. Saboda haka 0.02 za ki raba biyu, ya zama 0.01, ki ninka da 64, ga 0.64 g. Ina kyautata zaton da tambayar azurfa kika fara koyon wannan lissafin. Ag⁺ elektiron ɗaya yake buƙata, don haka hanyarki tana aiki a can ba tare da kin san akwai matakin da kike tsallakewa ba. Mai tsara tambayar ya san da masu yin haka, shi ya sa ya ajiye muku 1.28 a cikin zaɓi.

To ga yadda not ɗin wannan zai kasance, layi huɗu ya ishe shi. Ki rubuta m = MIt/nF. A ƙasa ki rubuta n: azurfa 1, jan ƙarfe 2, alminiyam 3. Sai ki rubuta da bakinki, “nakan manta n”. Na ƙarshe, in an ba da lokaci a minti ko awa a mayar da shi daƙiƙa tukuna. Gobe ki rufe shafin, ki sauya tambayar da kanki, ki sa alminiyam mai nauyi 27 da caji iri ɗaya. In kin samu 0.18 g, darasin ya zauna.

Oganik ba a yi masa haka. Shi taswira yake so a shafi ɗaya: alkin zuwa alkanol, alkanol na farko zuwa alkanal zuwa asid, na biyu zuwa alkanon, asid da alkanol su ba da esta, a kan kowace kibiya ki sa abin da ake zubawa. Ki zana ta daga ka kowace safiya har ta daina gardama.

Kwana goma zan ba ki a kan wannan. Amma dakatar da cikakkiyar takarda ba yana nufin daina amsa tambaya ba. In kin gama babi, ki bi shekaru 14 ɗin da kika riga kika yi ki tsinto tambayoyin wannan babin kaɗai ki amsa su a jere. Ranar sha ɗaya ki buɗe sabuwar shekara ɗaya cikin shidan. In makin ya haura 29 ko 30, ki riƙa buɗe ɗaya duk bayan kwana huɗu ko biyar, kina gyara not a tsakani. In bai motsa ba, to gyaran bai kama ba, ki nemi wanda zai zauna da ke a kan allo, kada ki ƙona sauran biyar ɗin.

Mai koyar da lesin: Malam na yarda da kusan duka, amma an bar 12 ɗin canke a baya, kuma not ba ya maganinsu. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, Turanci 60, sauran darussa uku 40-40. In ka raba, daƙiƙa 40 ke kan kowace tambaya. Yarinyar da za ta yi Fizis da Kemistiri a zama ɗaya, in ta yi kwana goma ba ta ji zafin agogo ba, saurinta zai ragu. Ni da zan ce ko a cikin kwana goman ta yi cikakken zama ɗaya na darussa huɗu, ko da da tsohuwar takarda ce, don horon lokaci kawai, kada ta kula makin.

Malamin Kemistiri: Wannan ban ƙi ba, muddin da wadda ta riga ta yi ne. Sai dai ina zargin rabin canken nan daga lissafin mol yake: tana ɓata minti uku a tambaya ɗaya, na ƙarshe su tafi a banza. In lissafin ya faɗa, lokaci zai dawo da kansa.

Mai koyar da lesin: Wataƙila. Na ga waɗanda suka iya lissafin sarai kuma agogo ya ci su, saboda ba su iya tsallake tambaya su dawo mata ba. Za mu gani a takardarta ta gaba.

Wadda ta zauna sau biyu: Ƙari ɗaya, cikin 17 ɗin da kika ce kin zame, ki sake duba su da littafin karatu. Amsoshin bayan littattafan nan ba wahayi ba ne. Na taɓa kwana ina zargin kaina a kan wata tambayar Fizis, ashe mai buga littafin ne ya sa B a wurin D.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Malam, na samu 0.18 ɗin. Na sa roba na ɗaure shafukan shekara shidan don kada hannuna ya kai. Amma Turanci fa? Shi makina hawa da sauka yake yi, yau 41 gobe 33 cikin 60, kuma kurakuran ba su taru a wuri ɗaya ba. Shi ma in dakata?

Malamin Kemistiri: A'a, wannan ma'aunin nawa na makin da ya tsaya ne, naki na Turanci bai tsaya ba. Fannin ba nawa ba ne, bari malaman Turanci su shigo. Kafin nan ki duba ko ranakun 33 ɗin su ne waɗanda kika bar dogon nassin karantawa sai ƙarshe.